Ina makamashin ƙwallon Van de Graaff yake?

A ɗakunan gwajin kimiyya na makarantu akwai wata na'ura mai ƙwallon ƙarfe a samanta, wadda in yaro ya ɗora hannu sai gashin kansa ya miƙe. Robert Van de Graaff ne ya ƙera ta farko a Jami'ar Princeton ta Amurka a 1929. Ƙwallon nan kogo ne. Bel na roba ke ɗauko cajin lantarki daga ƙasa kaɗan-kaɗan yana sauke shi a sama, cajin kuma ya bazu a fatar ƙarfen ta waje.

Tara wannan caji aiki ne, domin caji iri ɗaya ture juna yake yi. Kason farko ya hau a sauƙaƙe, tun da babu wanda zai hana shi. Na biyu ya tarar da na farko yana korarsa, na ƙarshe kuwa sai an yi da gaske. A ce ƙwallon yana da santimita 15 daga tsakiya zuwa fata, an tara masa caji maikrokulom 5. Ƙarfin lantarkinsa zai kai bolt 300,000. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa: sai su ninka cajin da bolt ɗin, su samu jul 1.5. Ai ba duka cajin ne ya fuskanci bolt 300,000 ba. An fara daga sifiri, ƙarfin yana hawa daidai da yawan cajin da aka tara, saboda haka matsakaicinsa rabi ne. Aikin gaskiya shi ne W = QV/2, wato jul 0.75, abin da zai ɗaga dutse mai giram 76 tsawon mita ɗaya. Shi ya sa tartsatsin wannan na'ura ke tsunkular mutum kawai, duk da ɗimbin bolt ɗin.

Michael Faraday, da James Clerk Maxwell bayansa, sun duba lamarin ta wata fuska. A ganinsu makamashin yana cikin sararin da ke kewaye da ƙwallon, inda filin lantarki ya shimfiɗu. Kowane ɗan yanki na sarari yana riƙe da makamashi gwargwadon u = ε₀E²/2, inda E ke nufin ƙarfin filin a wurin, ε₀ kuma adadi ne tsayayye.

Lissafin wannan hanya ya fi ban sha'awa. A cikin kogon babu fili ko kaɗan, domin turawar da caji ke yi daga kowane ɓangare na fatar tana soke ta sauran, don haka babu makamashi a can. Daga waje sai a yanka sararin bawo-bawo kamar albasa. Dab da fatar ƙwallon filin ya kai bolt miliyan 2 a kowace mita, kuma bawon farko mai kaurin santimita ɗaya yana ɗauke da kusan jul 0.05. In aka ninka nisa daga tsakiya sau biyu, filin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, makamashin kowane yanki ya koma ɗaya cikin goma sha shida. Amma faɗin bawon ya ninku sau huɗu, saboda haka abin da bawon ya ƙunsa ɗaya cikin huɗu ne na farko. Aka tattara bawo duka har iyakar da ba ta ƙarewa, sai a samu Q²/(8πε₀R). Sa alƙaluman ƙwallon nan a ciki: jul 0.75 cif.

Hanya ta biyu ta ba da abin da ta farko ba ta iya bayarwa, wato taswira. Rabin makamashin yana tsakanin santimita 15 da 30 daga tsakiya. Kashi 90 cikin ɗari yana cikin mita ɗaya da rabi. Sai dai a yi hattara: lamba ɗaya ce aka ƙirga ta hanya biyu, wanda ya haɗa su ya ce jul 1.5 ya ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Muddin caji yana zaune wuri ɗaya, babu gwajin da zai ce wace fuska ce daidai. Sai da Heinrich Hertz ya samar da igiyoyin rediyo a 1887, masu ɗaukar makamashi su bar cajin da ya haife su, ra'ayin fili ya samu hujja mai ƙarfi.

Lissafin yana da iyaka. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt miliyan 3 a mita, don haka ƙwallon nan ba zai wuce kusan bolt 450,000 ba sai tartsatsi ya tashi. Da damina ma ba ya kaiwa kusa, laima na zubar da cajin. Da hunturu na'urar ta fi aiki. Akwai kuma matsalar R da ke ƙasan lissafin: in ƙwallon ya ƙanƙance ya zama ɗigo, makamashin ya tafi ba iyaka. Wannan ya dami masana tun da suka fara tambayar ko ilektaron yana da girma.