Wasiƙar Mai Duba Aiki a Kan Babin Hanyoyin Gudanar da Bincike

Idan babin hanyoyin gudanar da bincike ya yi rauni, wasiƙar mai duba aiki takan nuna ainihin gurbin da matsalar take. Kalmar "a gyara" kaɗai ba ta wadatar da ɗalibi.

Misali, a ɗauka ɗalibin digiri na biyu yana nazarin karin harshen Hausa a Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, sai ya rubuta cewa ya "zanta da mutane da dama". A nan malamin zai tambaye shi: mutum nawa ne a kowace ƙaramar hukuma? Ta yaya aka zaɓe su, kuma shekarunsu nawa? Ɗaukar maganarsu aka yi, ko rubutawa? Zai kuma bayyana dalilin tambayoyin. Ɓaɓura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, don haka idan ba a tantance haifaffen gari da baƙo ba, ana iya jingina wa garin karin da ba nasa ba.

Daga ƙarshe wasiƙar takan sanya ranar dawo da gyara. Ma'aunin babin shi ne, wani manazarci ya iya bin matakan ya maimaita binciken ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba.