Me ya sa fikafikan lagireto suke waje, ba sa cikin ruwa?

Duk wanda ya taɓa duba kan injin babur ko na ƙaramin janareta ya ga waɗannan siraran layukan ƙarfe da aka jera a jikinsa kamar fikafikai. Irinsu ne a lagireton mota, sai dai can sun fi sirantaka, an cusa su tsakanin bututan ruwa. Aikinsu ɗaya ne: su faɗaɗa jikin da iska za ta taɓa, domin zafi ya fita da sauri. Daga nan ne mutane da yawa suke ɗauka cewa duk inda zafi ya dame ka, ka ƙara fikafikai kawai. Ba haka abin yake ba. Akwai inda fiffike ke ninka fitar zafi sau talatin, akwai kuma inda bai biya ko kuɗin waldarsa ba.

Lagireto shi ne ya fi nuna wannan. Zafin injin yana cikin ruwa, kuma kafin ya bar mota sai ya tsallaka daga ruwa zuwa jikin bututu, sannan daga bututu zuwa iska. Ruwa mai gudu gwani ne wajen miƙa zafi ga ƙarfe, iska kuwa raguwa ce ƙwarai. Injiniyoyi suna auna wannan da lamba h, wato wat nawa na zafi ke tsallakawa a kowace murabba'in mita idan bambancin zafi digiri ɗaya ne. Iskar da ba a kaɗa ta ba ta wuce 25, wadda fanka ke turawa tana tsakanin 25 da 250, ruwa mai gudu kan kai dubbai, ruwan da ke tafasa kuwa yakan haura 10,000. Idan h ya yi girma, cikas ɗin da zafi ke fuskanta a wurin ya zama ƙarami.

Mu ɗauka h na ɓangaren ruwa 3,000 ne, na ɓangaren iska 60. Ke nan cikas ɗin iska ya ninka na ruwa sau hamsin. Kamar taron jama'a ne da za su fita ta ƙofofi biyu a jere, ta farko mai faɗin ƙofar gari, ta biyu mai ɗaukar mutum ɗaya. Ko ka rushe ta farkon gaba ɗaya, cunkoson yana nan. A lissafi, da za a kawar da cikas ɗin ruwa baki ɗaya, fitar zafi za ta ƙaru da kashi 2 cikin ɗari ne kacal. Amma a sa fikafikan da za su rage cikas ɗin iska zuwa kashi ɗaya cikin goma, sai zafin da ke fita ya ninka fiye da sau takwas. Shi ya sa masu ƙera lagireto suke zuba fikafikansu a ɓangaren iska.

Fiffiken ma shi kansa ba a banza yake zama ba. Gindinsa yana rufe wani ɗan fili a jikin ƙarfen, filin da dā yake fitar da zafi da kansa. Saboda haka tambayar da injiniya ke yi ita ce: zafin da fiffike ya fitar ya ninka wanda wannan ɗan filin zai fitar shi kaɗai sau nawa? Amsar ita ce amfanin fiffike, ana rubuta ta ε. Idan ta zo 1, an yi aikin baban giwa. Idan ta gaza 1, fiffiken ya koma abin tare zafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in ε bai kai 2 ba, a bar wurin haka nan.

Ga siririn fiffike mai tsawo sosai, iyakar abin da zai iya bayarwa shi ne:

```
ε = √(2k / (h × t))
```

A nan k shi ne yadda ƙarfen ke tafiyar da zafi a cikin jikinsa, t kuma kaurin fiffiken a ma'aunin mita. Jan ƙarfe yana da k kusan 400, alminiyam wajen 200, ƙarfe marar tsatsa irin na cokula kusan 15. Lura da inda h yake: a ƙasan layin rabawa. Duk lokacin da ya hau, amfanin fiffike ya sauka.

Bari mu gwada da fiffiken alminiyam mai kaurin milimita 2 da tsawon santimita 3. A cikin iska mai h 25, lissafin ya ba da iyakar 89, amma tunda fiffiken gajere ne, abin da zai bayar a zahiri wajen 29 ne. Riba ce babba. Dalilin shi ne iska tana jan zafin a hankali, don haka zafin yana samun damar bin ƙarfen har tsini, duk jikin fiffiken yana aiki.

Yanzu a tsoma wannan fiffiken a ruwa mai tafasa, h ya zama 10,000. Amfaninsa ya faɗo zuwa 4.5. Ruwan yana fizge zafin tun daga gindi, kafin a yi santimita ɗaya da rabi ƙarfen ya kusa daidaita da zafin ruwan, ragowar tsawon kuwa nauyi ne kawai da asarar alminiyam. Idan aka canza shi da ƙarfe marar tsatsa mai kauri ɗaya, ε ya koma 1.2. A ƙara kaurin zuwa milimita 3, ya zama 1 cif. A kai shi 4, ya sauka ƙasa da 0.9, wato wurin ya fi fitar da zafi kafin a taɓa shi. Abin lura shi ne wannan ƙarfen marar tsatsa mai milimita 2, a cikin iska, amfaninsa yana kaiwa wajen 20. Ashe ba ƙarfen kaɗai ke yanke hukunci ba, sai an san abin da ke kewaye da shi.

A ganina wannan ne ya kamata mai walda ko mai ƙera tukunyar tururi ya riƙe kafin ya ƙona waya. Ya fara tambaya: ta wane ɓangare ne zafi ke maƙalewa? A tukunya a kan wuta, ɓangaren harshen wuta da iska mai zafi ne mai cikas, ba ɓangaren ruwan ciki ba. Fikafikai a gindin tukunya ta waje suna iya rage cin gas ko itace, a cikinta kuwa ƙarin wahalar wanki ne.

Ana iya gane fiffiken da ke aiki da na'urar auna zafi daga nesa, kuma kada a gwada da hannu a jikin injin da ke kunne. A auna gindi, a auna tsini. In sun yi kusa da juna, tsawon duka yana aiki. In gindi da zafi, tsini kuwa ya yi daidai da iskar wurin, fiffiken ya yi tsawo fiye da kima, ko ya yi siriri da yawa ga irin ƙarfensa. In jikin injin na ƙuna amma gindin fiffiken kansa bai yi zafi ba, matsalar a mahaɗa take: an ɗaure shi da kusa ko an ɗiga masa walda nan da can, siririyar iska ta maƙale a tsakani tana tare zafin.

Ko a cikin iska ana iya ɓata ribar. Fikafikan da aka matse su da yawa suna hana iska ratsawa, musamman inda babu fanka, sai yawansu ya ƙaru amma fitar zafi ta ragu. Ƙurar hunturu da ta haɗu da baƙin mai tana yin wannan ɓarnar a jikin injin babur da lagireto, tana cike ratar da ke tsakani. Kafin a yi zancen ƙara wa injin wani ƙarfe, a bar shi ya huce, a wanke tsakanin fikafikan da yake da su, a miƙe waɗanda suka lanƙwashe da siririn abu marar kaifi.