Taken Saƙon Imel: Faɗi Buƙata, Faɗi Wa'adi

Manajan da ke samun saƙonni da yawa a rana ba ya buɗe su bi da bi. Sunan mai aikowa yake dubawa, sai layin nan da ake cikewa a gurbin Subject, wato taken saƙo. Da wannan layin yake yanke shawarar abin da zai buɗe yanzu da wanda zai bari sai ya samu sarari.

A ɗauki misalin akanta a wani kamfanin gine-gine a Kano. Tana buƙatar manaja ya sa hannu a takardar biyan kuɗin siminti buhu 200, domin dila ya ce farashin da ya bayar zai canza bayan Alhamis. Idan ta rubuta "Barka da aiki", manaja zai ɗauka gaisuwa ce. Idan ta rubuta "Gaggawa", bai san gaggawar mene ne ba, balle ranar da za ta ƙare. Abin da ya dace shi ne: "Sa hannu kafin Alhamis 12 ga Maris: kuɗin siminti". Gaisuwa da girmamawa suna da wurinsu a cikin saƙon.

Aikin da ake nema shi ya zo farko, wa'adi ya biyo baya, sannan batun. Dalilin wannan jeri shi ne yawancin mutane a waya suke duba imel, kuma Gmail da Outlook suna yanke dogon take su bar farkonsa kawai. Wa'adin da aka kai ƙarshen dogon layi ba lalle a gan shi ba.

Shi kansa wa'adin yana son kulawa. "Gobe" tana canza ma'ana idan an buɗe saƙon bayan kwana biyu, don haka a rubuta rana da kwanan wata. A rubuta sunan watan da haruffa, domin 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Idan saƙon zai tsallaka ƙasa, a faɗi agogon da ake nufi: ƙarfe 4 na yamma a Kano ƙarfe 3 ne a Accra, ƙarfe 7 na dare a Dubai.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne danna Reply a kan tsohon saƙo don kawo sabuwar magana. Take zai ci gaba da nuna "Re:" da wa'adin da ya wuce, mai karɓa ya zaci an gama da batun. Sabuwar buƙata, sabon saƙo da sabon take.

Alamar cewa take bai yi aikinsa ba ita ce a dawo maka da tambayar "Yaushe kuke so?" ko "Me zan yi a kai?" Saboda haka, kafin ka danna Send, karanta taken shi kaɗai. Idan bai gaya wa mai karɓa abin da zai yi da ranar da zai gama ba, ka sake rubuta shi.