Ciwon Kafaɗa Yayin Ɗaga Hannu Sama

A Karaye da Rogo, manomi mai jefa damin dawa cikin rumbu da mace mai daka a turmi sukan ji kafaɗa ta soke su da zarar hannu ya wuce saitin kafaɗa. Sau da yawa matsalar daga jijiyoyin tsoka 4 ne da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. Yawan aikin sama yana gajiyar da su har su kumbura. Alamar ciwon ita ce zafi a gefen dantse, wanda ke ƙaruwa in an kwanta a kan wannan ɓangaren.

A rage aikin sama na 'yan makonni, amma kada a daina motsa hannun. A tsaya kusa da bango, a lanƙwasa gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, a tura bangon da bayan hannu a hankali na daƙiƙa 10, sau 5, kullum. Sauƙi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12.

In hannu ya ƙi ɗaguwa bayan faɗuwa, ko akwai zazzaɓi da kumburi, a garzaya asibiti.