Guntuwar Jimla Mai Farawa da "Saboda" ko "Wanda"

Gangar da ta fara da "saboda" ko "wanda" dogarau ce, wato tana buƙatar babbar ganga kafin ma'ana ta cika. A dubi wannan misali:

(1) Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sun yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗanda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Kashi na biyu kuskure ne. Mai karatu zai tsaya yana jiran abin da ya sami waɗannan mutane, aya kuwa ta riga ta rufe magana. Gyaran shi ne a ba gangar abin dogaro: "Su ne waɗanda suka kafa garin..."

Amma a hira lamarin daban ne:

(2) "Don me kakanninku suka bar Sakkwato?" "Saboda Turawa sun ci garin."

Nan ba laifi, tambayar ce ta ɗauki nauyin babbar ganga. Marubucin labari ma yakan ware irin wannan guntu da gangan don ƙarfafa dalili. A rubutun jarrabawa dai, gara ɗalibi ya sa waƙafi ya haɗe gangunan biyu.