Bayan Rabuwar Aure: Wa Ke Riƙon Yara, Wa Ke Biyan Kuɗin Makaranta?

A ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, abin da aka saba shi ne idan aure ya mutu, uwa ta tafi da na goye, da an yaye shi kuma uba ya aiko a karɓo ɗansa. Mutane da yawa sun ɗauka haka shari'a ta ce. Amma wannan al'ada ce kawai. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar Halil, sun raba maganar gida uku, wato riƙo da ciyarwa da ganin yara. Kowanne da mai shi, kuma ba a riƙe ɗaya don a tilasta ɗaya.

Wa ke riƙo?

Riƙo, wanda malamai ke kira halana, na uwa ne. Namiji yana hannunta har ya balaga. Mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Yaye ba ya kawo ƙarshen wannan haƙƙi, shiga makaranta ma haka.

Idan uwa ta sake aure ta tare da wani wanda ba muharramin yaran ba, riƙo ya fita hannunta. Amma ba wurin uba zai faɗa kai tsaye ba. Kakar yara ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa. Sai an rasa na wannan ɓangare ake komawa ga kaka ta wajen uba, sannan uba. Wanda riƙo ya kamata ya koma gare shi, in ya san uwa ta yi aure ya yi shiru har shekara guda ba da wani uzuri ba, to ya sarayar da haƙƙinsa, yara su ci gaba da zama wurin uwarsu.

Ana so mai riƙo ta kasance mai hankali da amana, mai iya ɗawainiyar yara, kuma gidan da take ya zama wurin da za su tsaru. Wanda ya ce ba ta cika waɗannan ba, shi zai kawo shaida gaban alƙali.

Akwai kuma maganar nisa. Idan uba zai ƙaura ya zauna dindindin a garin da ya kai nisan baridi shida, wato fiye da kilomita 100, yana iya tafiya da yaransa in hanya da garin suna da aminci. Tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, kai har Birnin Kebbi, babu inda ya kai haka. Saboda haka uban da ke Aliero ba zai karɓe yara don kawai uwarsu ta koma gidan iyayenta a Maiyama ba.

Wa ke biya?

Ci da sha da sutura da magani duk a wuyan uba suke, gwargwadon ƙarfinsa, ko da yaran ba a gidansa suke kwana ba. Yana ciyar da namiji har ya balaga ya iya nema, mace kuma har ta tare. Karatun yara ma nauyinsa ne, don shi ne waliyyinsu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta ne kuma tilas a makarantun gwamnati. Duk da haka akwai kayan makaranta da takalma da littattafan rubutu da kuɗin tara da na Islamiyya. A nan ake yawan samun saɓani, don uba yakan ce ai makaranta kyauta ce, ya bar uwa da saye-saye. Haka kuma idan uwa ta kai yaro makarantar kuɗi ba da shawarar uba ba, yana iya cewa ta fi ƙarfinsa.

Ga wani hukunci da mata da yawa ba su sani ba. Ciyar da yara na watannin da suka wuce ba ya zama bashi a kan uba haka kawai. Yana zama bashi ne idan alƙali ya riga ya yanka masa, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, uban kuma yana da hali a lokacin. Don haka uwar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin makaranta, ta kira mutum biyu ta shaida musu cewa rance ta yi, ta kuma adana rasit. In ta yi shiru shekara uku sannan ta zo nema, za ta sha wuya.

Yaya ake ganin yara?

Uba yana da ikon ganin yaransa, ya duba tarbiyyarsu, ya tura su makaranta da rana, amma kwana wurin mai riƙo ne, sai in ta yarda. Uwa ba za ta hana shi ganinsu don bai kawo hatsi ba. Shi ma ba zai riƙe hatsi don an hana shi ganinsu ba. Wanda aka cuta ya kai ƙara.

Misali

A ce wani manomin albasa a Aliero ya rabu da matarsa, ta gama idda ta koma Maiyama da yaro mai shekara 9 da yarinya mai shekara 6. Iyayensu da limami suka zauna, aka rubuta takarda kamar haka.

Yara za su zauna wurin uwa, in ta yi aure su koma hannun mahaifiyarta. Uba zai riƙa aika kwano 15 na gero da naira 10,000 na cefane a farkon kowane wata. An ƙiyasta hidimar makarantar yaran biyu naira 15,000 a zango, zango uku ya kama naira 45,000 a shekara. Da yake kuɗin mai albasa da rani suke shigowa, sai aka ce ya biya na shekara gaba ɗaya da ya sayar da albasa, ya damƙa wa kawun yara, shi kuma ya riƙa fitarwa zango-zango. Da an ce ya biya a watan Satumba, lokacin da jarinsa ke gona, da alkawari ya karye tun zangon farko.

Game da ziyara, uba zai zo Maiyama sau biyu a wata, ya gan su a zauren kakansu. Uwa ta yarda su yi mako biyu na dogon hutu da Babbar Salla a Aliero, ƙanen uba ya ɗauko su ya kuma mayar, kuɗin mota a kan uba. Aka rubuta ranar da za a mayar da su, don yawancin ƙwacen yara daga "bari su ƙara kwana biyu" yake farawa. Aka kuma ce duk shekara za a sake duba kuɗin, saboda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Kowane ɓangare ya riƙe kwafi mai sa hannun shaidu. Idan sulhu ya gagara a gida da wurin mai unguwa ko hakimi, sai a tafi kotun shari'a, wanda bai gamsu da hukunci ba kuma yana iya ɗaukaka ƙara har Birnin Kebbi. Mai zuwa kotu ya riƙe takardar saki da shaidar haihuwar yara da rasit ɗin makaranta. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa, da boko ko da ajami, a karanta masa gaban shaidu kafin ya dangwala hannu.