Katin Rigakafin Shawara: Kwana Goma Kafin Tafiya, Kwana Shida a Killace

A farkon watan Maris na shekarar 2012, 'yan Najeriya 125 suka sauka a filin jirgin sama na OR Tambo da ke Johanasbag, kowa da fasfonsa da bizarsa a hannu, amma aka hana su shiga Afirka ta Kudu. Jami'an lafiya na filin suka ce ba su yarda da katunan rigakafin shawara da mutanen suka nuna ba, aka mayar da su Legas. Najeriya ta fusata, ita ma ta fara koro 'yan Afirka ta Kudu daga filayen jirginta. Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Olugbenga Ashiru, ya yi kakkausan suka, kuma ba a kai mako guda ba gwamnatin Afirka ta Kudu ta fito ta nemi afuwa. Gwamnatoci sun shirya, amma wanda ya yi asarar kuɗin jirgi, ko ranar ganin likita, ko cinikin da ya je ƙullawa, neman afuwar bai mayar masa da abin da ya kuɓuce ba.

Wannan kati mai ruwan ɗorawa, wanda matafiya ke kira yalo kad, ba biza ba ne, amma yana iya hana biza amfani. Tushensa yana cikin Dokokin Kiwon Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da su. Dokokin sun ambaci zazzaɓin shawara da suna, suka ba kowace ƙasa izinin neman shaidar rigakafinsa daga mai shigowa. Wasu ƙasashen, irin su Gana da Nijar da Kamaru, suna neman katin daga kowane baƙo ko daga ina ya fito. Wasu kuma, irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Saudiyya, suna nemansa ne daga wanda ya fito ko ya ratsa ta ƙasar da cutar take. Kusan dukan ƙasashen da Hausawa suka fi yawa, daga Najeriya da Nijar har Chadi da Sudan, suna cikin wannan jerin. Shi ya sa maniyyaci aikin Hajji ko Umara da mai zuwa neman magani Indiya duk abin ya shafe su.

Mutum zai iya tambaya, me ya sa ƙasar da ba ta da cutar take tsananta wa baƙo haka? Amsar tana jikin sauro. Zazzaɓin shawara ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta tari ko musabaha. Wani sauro ne mai zanen fari a ƙafafu, mai cizo da rana, mai hayayyafa a ruwan randa da tsofaffin tayoyi, yake ɗaukar ƙwayar daga jinin mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Indiya tana da wannan sauro da yawan gaske, tana da jama'a fiye da biliyan ɗaya da ba a taɓa yi musu wannan allura ba, abin da ba ta da shi kawai shi ne ƙwayar cutar. Matafiyi guda da ya sauka da ita a jininsa tamkar ashana ce a rumbun kara. Wannan ba hasashe ba ne. Lokacin annobar da ta ɓarke a Luwanda, babban birnin Angola, a ƙarshen 2015, ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin sun koma gida ɗauke da cutar a 2016, kuma annobar ta tsallaka zuwa Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

Akwai lissafi biyu da ya kamata kowane matafiyi ya riƙe, domin a kansu hukuncin filin jirgi ya rataya. Na farko kwana goma ne. Allurar, wadda Max Theiler ya samar a 1937 har ta kai shi ga lambar Nobel a 1951, ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, kuma jiki yana buƙatar kimanin kwana goma kafin ya gina garkuwa. Don haka katin ba ya fara aiki ranar da aka yi allurar, sai bayan kwana goma. Na biyu kwana shida ne. Wanda sauro ya ɗana wa cutar yakan ɗauki kwana uku zuwa shida kafin zazzaɓi ya bayyana, saboda haka dokar ta ƙayyade cewa killacewa ba za ta wuce kwana shida ba daga ranar ƙarshe da mutum ya kasance a inda zai iya kamuwa.

Mu ɗauki misali. A ce wani magidanci a Kano zai raka mahaifinsa Delhi aikin ƙoda. Sai da biza ta fito aka tuna da katin, aka yi musu allura ranar 3 ga Yuli, suka tashi ranar 9, suka sauka ranar 10. Allurarsu ta gaskiya ce, hatimi na gaskiya ne, amma jami'in lafiya zai duba kwanan wata ya ga katin sai 13 ga wata zai fara aiki. A idon doka, su da wanda bai zo da kati ba ɗaya suke. Dokar duniya ta ce ana iya killace su har ranar da katin zai fara aiki, ko har kwana shida su cika daga barinsu gida, wato 15 ga wata, duk wanda ya riga zuwa. A wannan misali ranar 13 ce ta riga. Wanda kuwa bai yi allurar ba sam, shi sai ya cika kwana shidan. Wurin killacewa ɗaki ne da aka tsare daga sauro, ana auna zafin jikin mutum, ba fita ba baƙi. Dattijon da aka ɗauko don tiyata zai kwana a nan, ranar da asibiti ta ba shi kuma tana wucewa. Da an yi allurar tun ranar da aka fara neman biza, da babu ko ɗaya daga cikin wannan.

Killacewa ɗaya ce daga abubuwan da kan faru, kuma sau da yawa ba ma a kai can. Kamfanonin jirgi suna duba sharuɗɗan ƙasar da za a je tun a wurin awon kaya, domin idan aka ƙi karɓar fasinja, su ke da nauyin mayar da shi. Sai mutum ya ga an hana shi takardar shiga jirgi tun a Abuja ko Yamai. Idan ya tsallake nan, ƙasar da ya sauka tana iya juya shi a jirgin da ya kawo shi, kamar yadda aka yi a 2012. A wasu filayen jirgi da iyakokin ƙasa kuma, musamman a ƙasashen da cutar take, akan yi wa mutum allurar nan take ya biya, a sake shi ya shiga gari. Wannan ya fi sauƙi, amma a sani cewa a kwanaki goman farko ba shi da cikakkiyar kariya, ga shi ya shiga inda sauron yake. A kula da yada zango ma: ƙasashe da dama suna ɗaukar wanda ya yi fiye da awa 12 a filin jirgin ƙasar da cutar take tamkar wanda ya fito daga can.

Ko da kwanan wata ya yi daidai, ana iya ƙin katin saboda abin da ke rubuce a kansa. Dole sunan da ranar haihuwa su dace da na fasfo. Dole a ga ranar allurar, da sunan kamfanin da ya yi maganin, da lambar rukunin da kwalbar ta fito, da sa hannun jami'in da ya kula da allurar, da hatimin cibiyar da gwamnati ta amince ta yi wannan aiki. Gogewa ko gyaran biro a kan kwanan wata na iya soke shi gaba ɗaya. Kowa da nasa, har jaririn goye da ya kai wata tara. Ba a haɗa iyali a kati guda. A Najeriya sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa, Port Health, a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, shi ke bayar da katin, kuma tun 2019 aka koma sabon kati mai lambar QR da ake iya tantancewa da na'ura. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa: daga 11 ga Yulin 2016 katin ya zama na har abada. A da sai an sabunta duk shekara goma, yanzu allura ɗaya ta wadatar, ko da tsohon katin ya nuna ranar ƙarewa.

Akwai waɗanda allurar ba ta dace da su ba: jariri ƙasa da wata shida, mai mugun rashin jituwa da ƙwai, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai, kamar mai shan maganin daji. Mai ciki da wanda ya haura shekara 60 sai likita ya auna amfani da haɗari. Irin waɗannan likita yakan rubuta musu takardar uzuri da Turanci ko Faransanci. Takardar tana da nauyi, sai dai ba ta ɗaure hannun ƙasar da za a je, tana iya sa mutum ƙarƙashin kulawa ko ta killace shi. Mai kai mara lafiya waje ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar tun kafin ya yanki tikiti.

Saura maganar da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba, wato katin saye. Ana samun masu cewa kawo fasfo da kuɗi, gobe ka zo ka karɓa, babu allura babu layi. Ina ganin wannan shi ne mafi munin ciniki da matafiyi zai yi. Idan aka gano, ba shi kaɗai zai sha kunya ba, duk wanda ya biyo bayansa da irin fasfonsa sai an dube shi da zargi. Idan ba a gano ba, ya wuce jami'i amma bai wuce cutar ba. Kusan mutum 15 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya kwantar sukan ji sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da ƙarfi: ido ya yi ɗorawa, ƙoda ta tsaya, a yi aman jini. Kimanin rabin waɗanda suka kai wannan mataki suna rasuwa cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar. Cutar ba ta nesa ba ce. Ta sake ɓulla a Najeriya a jihar Kwara a 2017, kuma a 2019 ta yi kisa a yankin Alƙaleri na jihar Bauchi, inda aka danganta ta da gandun dajin Yankari.

Duk mai niyyar tafiya, ko a shekara mai zuwa ne, ya je cibiyar da aka amince da ita yanzu, ya miƙa damtse a yi masa allurar a gabansa, ya duba sunansa da lambar maganin kafin ya bar wurin, ya ɗauki hoton katin a waya, sannan ya ajiye shi tare da fasfo a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a auna ba.